Kan mota ya lalace a hanyar Lome, kayan kuma na wucewa ne: kada a taɓa kome sai duwan ta gani

Tambaya: "Assalamu alaikum. Tirelar da ta ɗauko mini shinkafa daga Lome za ta Yamai, injinta ya buga kusa da Sokode. Mai mota ya ce zai turo wani kai ya ja bodin, ko a juye kayan a wata mota. Mai fitar mini da kaya ya ce ba matsala. In yarda?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo sauƙi. Na karanta tambayarka gabana yana faɗuwa, domin wannan kalma ta "ba matsala" ita ce aka faɗa mini, kuma har yau ban gama farfaɗowa daga abin da ta jawo mini ba. Kada ka yarda a sauya kai, kada ka yarda a sauke ko buhu ɗaya, sai ma'aikatan duwan na ofishi mafi kusa sun zo sun ga motar da idonsu, sun rubuta abin da ya faru, sun sa hannu da hatimi.

Dalili shi ne, takardar wucewa ta T1 da aka buɗe maka a Lome tana ɗauke da lambar kan mota, da lambar bodi, da lambar hatimin da aka ɗaure kayan da shi, da yawan buhuna da nauyinsu, da ofishin da za a fita ta nan, wato Sinkase da ke iyakar Togo da Burkina, da wa'adin da aka ba motar ta isa. Shinkafarka ba a biya mata kuɗin fito na Togo ba, an bar ta ta ratsa ƙasar ne bisa lamuni, kuma tun yarjejeniyar wucewar kaya ta 1982 haka tsarin yake a wannan yanki namu. Saboda haka idan mota ta iso iyaka da lambar da ba ta cikin takarda, ma'aikaci zai ɗauka cewa wataƙila an sayar da kayan farko a cikin ƙasa an kawo wasu, kuma aikinsa ne ya yi wannan zato.

Ni sukari ne, buhu 640 mai kilo 50, tan 32 ke nan, na sayo shi domin kasuwar azumi, rabin kuɗin kuma na mutane ne. Kan motar ya mutu bayan an wuce Kara. Na kira mutumin da yake fitar mini da kaya daga tashar jirgin ruwa, wanda muka daɗe tare, wanda ya sha cin abinci a gidana, na ce masa a bi hanyar da doka ta ce. Ya ce in turo kuɗin gyaran takarda, shi zai sa a sauya lambar a na'ura tun daga Lome. Na tura. Washegari ya rantse mini da Allah cewa an gama, direba ya kama hanya. Da suka isa Sinkase aka buga lambar takarda, sai tsohuwar lambar kai ta fito, ga kuma wa'adi ya riga ya wuce saboda zaman da aka yi a gefen titi. Ashe ko ƙofar ofis bai taka ba. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Na taso na je da kaina. Ba zan manta da yammacin da na tarar da direban zaune a ƙarƙashin bodi ba, ya shimfiɗa kwali, shi da yaron mota suna raba gari da ƙuli, kuɗin guzurinsu ya ƙare. Dattijo ne mai furfura, ya miƙe ya ce mini, "Alhaji, na gaya masa a kira duwan, ya ce in yi shiru in tuƙa mota." Ina tsaye a wurin motocin da muka yi lodi tare suna ta wucewa. Kullum mai mota yana lissafa mini kuɗin kwanan motarsa, masu kuɗi suna kira daga gida, ni kuwa ina yawo daga wannan taga zuwa waccan da takardu a cikin leda. Sai da aka nemo shedar makanikin da ya duba tsohon kan, aka ƙirga buhunan ɗaya bayan ɗaya, na biya tara, na biya 'yan dako na saukewa da na mayarwa, sannan aka sake mu. Kafin nan jerin gwanon da sojoji suke rakawa ta Kaya da Dori zuwa Tera ya tashi ya bar mu, kuma kowa a nan ya san abin da rasa jerin gwano yake nufi tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya ta iyakar Benin da Nijar a 2023. Sukarina ya shiga Yamai bayan salla. Mai fitar da kayan nan kuwa har yau yana nan yana karɓar aikin mutane, kuma da muka haɗu a wani ɗaurin aure ya miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru.

Ka sa direbanka ya je ofishin duwan na Sokode yau ɗin nan, kada ya jira sai an yi gyara, ya sanar da su cewa mota ta tsaya, ya nemi a rubuta masa. Wannan rubutun shi ne hujjarka ta neman ƙarin wa'adi. Idan an liƙa wa motar na'urar bin sawu, to ai sun riga sun ga ta tsaya, shirunku ne zai zama abin zargi, kuma kada kowa ya cire ta da hannunsa ya mayar a wata mota. In akwai zaɓi, sauya kai ya fi juye kaya sauƙi nesa ba kusa ba, tunda hatimi bai motsa ba, lamba ɗaya ce za a gyara. Juyewa kuwa sai an yanke hatimi a gaban ma'aikaci, an ƙirga, an sa sabo, an rubuta lambarsa, ga buhunan da za su fashe a hannun 'yan dako, kuma duk buhun da ya ɓata sai ka yi bayaninsa a iyaka.

Sabon kan da za a turo, ka tambayi takardunsa kafin ya taso: katin mota, da inshorar da take aiki a Burkina da Nijar, da lasin direba idan shi ma sabo ne. Na ga wanda ya gyara takardar duwan tsaf, ya zo ya maƙale saboda inshorar sabon kan ta ƙare. Ka kuma tambayi yawan gatarinsa, wato ƙarfen da tayoyi suke maƙale a jikinsa. Dokar nauyi ta ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ta ba tirela mai gatari shida tan 51 gaba ɗaya, har da nauyin motar kanta, mai biyar kuwa ba ta kai haka ba. Idan kai mai gatari uku ya lalace aka kawo mai biyu, lodin da ya wuce sikeli lafiya a Lome zai iya zama laifi a sikelin gaba, alhali ba a ƙara ko kwano ɗaya ba.

Game da mai fitar maka da kaya, ban san shi ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma idan ya ce ya gyara, ka ce ya turo maka hoton takardar da sabuwar lamba a jiki, direba kuma kada ya tayar da mota sai ta shiga hannunsa. Bayan an fita Sinkase ka bi diddigi har sai an tabbatar maka an rufe takardar Togo a na'ura, domin idan ta zauna a buɗe za a nemi kuɗin fito daga wanda ya tsaya lamuni, shi kuma kai zai biyo ko da bayan watanni ne. Ka sa direba ya ɗauki hoton hatimin bodin da lambarsa yanzu, kafin dare ya yi, kuma kada shi da yaron mota su bar motar a lokaci ɗaya.