An ce sidi 6,000 ne, amma abin da zai shigo hannu bai kai na 5,500 ba

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Inda nake aiki a Kaase albashina sidi 5,500 ne, besik 3,000, alawus 2,500. Wani kamfani ya ba ni 6,000, duka besik, har da ɗaki da kayan ɗaki. Wani yayana ya duba takardar ya ce kuɗin da zan riƙa karɓa zai ragu. Haraji ne zai cinye ƙarin? Ranar Litinin suke so in sa hannu."

Wa alaikumus salam ƙanena. Na san wannan ciwon, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba. Yayanka ya yi gaskiya, amma ba haraji ne kaɗai ya jawo ba.

Mutane na yawan cewa wai idan albashi ya hau sai ka faɗa babban aji na haraji a kwashe komai. Ba haka PAYE, harajin da ake cira daga albashi, yake aiki ba. Hawa-hawa ake yankarsa. A jadawalin hukumar haraji ta Ghana, GRA, da ya fara aiki a Janairun 2024, sidi 490 na farko a wata ba a taɓa su, 110 na gaba kashi 5 cikin ɗari, 130 na gaba kashi 10, sai 3,166.67 na gaba kashi 17.5. Idan ka tara harajin waɗannan zai ba ka 572.67. Abin da ya haura 3,896.67 shi kaɗai ake cire wa kashi 25, har sai an ƙara wasu 16,000 a kai. Kai da 5,500 da 6,000 duk a wannan hawan kake. Kowane sidi ɗaya da aka ƙara maka, kwata ne na gwamnati, saura naka. Ka leƙa jadawalin da ke aiki yanzu kafin ka dogara da lissafina, don sukan sauya shi.

Ɗauki biro mu fara da inda kake. SSNIT, wato kuɗin fansho, kashi 5.5 ne, kuma a kan besik kawai ake cire shi, ba a kan alawus ba. Na 3,000 shi ne 165. Saura 5,335, shi ake yi wa haraji: 572.67 da kwatan 1,438.33, wato 359.58, jimla 932.25. Abin da ke faɗawa asusunka 4,402.75 ne. Duba takardar albashinka ta watan jiya, in babu bashi ko kuɗin ƙungiya a ciki, za ka ga kusan haka.

To sabon wurin. Tunda sun zuba komai a besik, SSNIT ya ninka, ya koma 330. Da a nan aka tsaya, haraji 1,016 ne, ka tafi gida da 4,654. Ka ga ƙarin 500 ya riga ya koma 251, amma dai riba ce.

Sai asusun ajiya na ma'aikata, wanda a takarda za ka ga an rubuta Provident Fund ko Tier 3. Ban ga wasiƙarka ba, amma tunda yayanka ya ce kuɗin zai ragu, ina kyautata zaton akwai shi. Mu ɗauka kashi 5 na besik ne, wato 300. Idan asusun mai rajista ne ana cire shi kafin a lissafa haraji, don haka harajin zai sauko zuwa 941, abin hannu ya zama 4,429. Sidi 26 ke nan a kan tsohon albashinka. Ko kuɗin waakye na kwana biyu bai kai ba.

Ɗakin nan kuwa shi ne ya ƙarasa ka, kuma nan ne raina yake ɓaci da masu rubuta irin waɗannan wasiƙu. Sai su jera maka "ɗaki da kayan ɗaki kyauta" da manyan baƙaƙe kamar wata sadaka suka yi, alhali sun san a doka wannan ɗakin kuɗin shiga ne. Gida da kaya a ciki ana ƙiyasta shi kashi 10 na duk kuɗin da ake biyanka, gida ba kaya kashi 7.5, ɗakin haɗaka kashi 2.5. Naka 600 ne. Ba za a miƙa maka 600 ɗin ba, ba kuma za a cire maka shi ba, sai dai a ɗora shi a kan abin da za a yi wa haraji. Wato 6,000, cire 330, cire 300, ƙara 600, ya zama 5,970. Harajinsa 1,091. Abin hannu 4,279. Ya gaza na yanzu da sidi 123.75. Akawun da ya tsara takardar ya san wannan lambar tun kafin a kira ka, tana nan a kwamfutarsa, minti biyu ya ishe shi ya nuna maka. Ba zai nuna ba. Sai ƙarshen wata, saƙon banki ya shigo, mutum ya tsaya a bakin ofis yana sake ƙirga lambobin da yatsa, ya riga ya ajiye tsohon aiki, ya riga ya faɗa wa tsohuwa a gida an yi masa ƙari. Ya je tambaya a ce masa ai doka ce. Dokar gaskiya ce, ɓoye ta ne rashin adalci.

Kar ka ji na ce haka ka ɗauka tayin banza ne. Ɗaki a Kumasi ba abin rainawa ba ne, 150 na haraji a wata ya fi kuɗin haya sauƙi nesa ba kusa ba. Amma idan a gidan gado kake zaune a Aboabo ba ka biyan ko sisi, ko ka riga ka ba mai gida kuɗin shekara biyu gaba, to haraji za ka riƙa biya a kan ɗakin da ba ka buƙata. Ka tambaye su ko za ka iya barinsa. Haka 300 ɗin ajiya ba ɓata ya yi ba, naka ne, sai dai ba zai saya maka shinkafa a wannan watan ba, kuma in ka ciro shi da wuri haraji na iya biyo shi. Babban besik ma yana da amfaninsa, don shi ke gina fanshonka, kuma kashi 13 na besik da kamfani ke zuba maka na fansho zai tashi daga 390 zuwa 780.

Af, wannan kashi 13 ɗin ya tuna min wani abu, ka karanta kalmar da ke gefen 6,000 ɗin da kyau. Idan ka ga Total Package ko Cost to Company, wasu suna cusa nasu kason na SSNIT a ciki don lambar ta kumbura. Raba 6,000 da 1.13, besik ɗinka na gaskiya wajen 5,310 ne, ƙasa da 5,500 da kake karɓa. Bayan SSNIT da haraji kaɗai kana wajen 4,165, tun ba a zo kan ɗaki da ajiya ba. Wasu har garaɓasar ƙarshen shekara suke rabawa goma sha biyu su lissafa a ciki, abin da ba ka da tabbacin samu.

Kafin Litinin ka nemi su ba ka samfurin takardar albashi ta wata guda a rubuce, mai nuna besik, kowane alawus, kowane abin cirewa da sunansa, da layin ƙarshe na Net Pay. Ka tambayi kuɗin ƙungiyar ƙwadago da na walwala, su ma ƙanana ne amma suna taruwa. Idan kana da bashin banki da ake cira daga albashi, shi ma zai bi ka can. In za ka yi ciniki, da layin ƙarshe za ka yi: ka ce a hannu kake son 4,800, su juya lissafin da kansu. Kuma kar ka miƙa takardar barin aiki a Kaase sai samfurin nan ya shigo hannunka.