Kunne Ma Yana Da Mudunsa

Oga, tunda na fara zaman haɗa sauti, iyafis ba ya barin kunnena. Wani lokaci da dare sai in riƙa jin wani ƙugi. Ƙara nawa ya kamata in sa, kuma awa nawa a rana?

Wannan ƙugin da kake ji shi ne amsar farko. Kunnenka ne ke gaya maka an yi masa lodi fiye da kima. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu masu karɓar sauti, ƙara mai yawa tana kwantar da su. Da farko sukan farfaɗo in ka huta, amma in aka maimaita sai su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa.

Ana auna ƙara da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako, wato bai kai awa shida a rana ba. Abin da yara irinku ba ku gane ba shi ne, duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A 83 awa 20 ke gare ka, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 kuwa awa biyu da rabi. A mako fa, ba a rana ba.

Ɗauki kanka. Ka shiga A Daidaita Sahu da safe, injin na ruri, masu hon na yi, sai ka danna ƙara har kiɗan ya danne titi. Mu ƙaddara ka kai 92. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya komawa. Kafin ka iso shago ranar Talata ka cinye rabon mako gaba ɗaya, alhali ko maɓalli ɗaya ba ka taɓa a nan ba. Ga janareto yana jiranka, shi ma daga mudun nan yake ɗiba.

Saboda haka kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin ɗari. Wannan ƙiyasi ne kawai, don wani iyafis ya fi wani ƙarfi. Gwajin da na fi yarda da shi: in na tsaya kusa da kai na yi magana ba tare da ɗaga murya ba, ba ka ji ni ba, to ka rage. A wurin hayaniya kuma nemi babba mai rufe kunne ruf, ko mai roba da ke toshe ramin, don hayaniyar ce ke tura ka ƙarawa.

Ni ban ji wannan da wuri ba. Shekarun da na yi ina tsayawa gindin sifika a gidajen biki sun bar min ƙugi a kunnen hagu har yau, shi ya sa kake ganin ina juyo maka da dama. Duk bayan awa ɗaya cire shi ka huta. In ƙugin ya kwana bai tafi ba, gobe kada ka zo shago, wuce wurin likitan kunne a auna maka ji.