Gaisuwar 'Yan Zango: Amsa Ga Yayana Na Tudun Wada

Yaya, ka ce gaisuwarmu ta 'yan Zangon Kumasi dambu ce, Larabci nan, Turanci can, har kana tambaya ko da sauran Hausa a bakinmu. Maganar ta ɗan sosa mini rai. Da kunnena na ji ma'aikata a nan Kaduna suna cewa "Salamu alaikum, monin sa, an tashi lafiya?", ba wanda ya ce sun bar gida.

Haɗin yana da tsari, kowane harshe da mazauninsa. Sallama ce ke buɗe ƙofa, kuma ba a taɓa ta. Idan na ce "Salamu alaikum" yaro ya amsa da "yes", ya yi ɓaranɓarama, domin aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko irinta. Bayan sallama Hausa ke ɗaukar nauyin: an kwana lafiya, ya iyali, ya gajiya. Turanci yana shigowa ne daga baya, kalma ɗaya ko biyu, a kan abin da dama da Turanci ake yinsa. Sa'ana zai ce "Ya ofis? Ya wikend?", ni kuma in ce "Alhamdu lillahi, nomal." Kunne bai jin wani karo a nan, saboda ginin jimlar na Hausa ne, "ya" ɗin tana wurinta, baƙuwar kalma zama kawai ta yi a ciki.

Inda yake ɓaci shi ne idan an juya tsarin, ko an manta da wa ake magana. Saurayi ya durƙusa gaban surukinsa ya ce "haw fa, Baba", ai ya zubar da durƙuson. Wurin ta'aziyya ya fi tsanani. Ka shiga da sallama, ka ce "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Wanda ya ce "sori" ya tsaya nan, za ka ga an amsa masa a taƙaice an kau da kai, don mai makoki addu'a yake jira.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarka auren 'yan ƙasa ne. Haka ne, muna auren Asante, tun zamanin kakanninmu fataken goro. Kakata ta wajen uwa 'yar Asante ce. Da safe takan ce mana "maci", wato ina kwana da yarensu, amma ba ta taɓa bari jika ya shiga ɗakinta ba sallama ba. Sai ta kore ka waje ka sake shigowa, ko da tire a hannunka.

Gaskiya Hausarmu ta sauya, wasunmu kan ce "ya zo" ko mace ce, kuma yaranku na yi mana dariya. Amma idan muka zo biki Kaduna, ku saurari yadda muke gaida tsofaffi kafin ku kira mu baƙi.