Maƙwabta sun karya kuɗin makaranta: ni ma in rage?

Tambaya: Ina da makarantar firamare a Agege, yara 120, naira 60,000 kowane zango. An buɗe wasu biyu kusa da ni masu karɓar 40,000, iyaye sun fara janye yara. In sauko zuwa 50,000?

Amsa: Hajiya, kada ki sauko sai kin yi lissafi. Yanzu miliyan 7.2 ke shigo miki a zango. A ce albashi da haya da man janareta suna cin miliyan 6. Ranar da kika koma 50,000, abin da zai shigo miliyan 6 ne cif, ribar ta tafi gaba ɗaya. Sai kin samo sababbin yara 24 kafin kuɗin shiga ya koma yadda yake, su kuma suna buƙatar benci, wataƙila da ƙarin malami. Duk da haka mai 40,000 ya fi ki araha, kuma zai iya ƙara saukowa. Albashin malamai ne zai fara jin jiki, nagarin su tafi, abin da ya bambanta ki da su ya bi su.

Abin yi na farko, ki gano ainihin abin da uba ke kashewa a can. Makarantu masu araha da yawa suna sa ƙaramin kuɗi a allon ƙofa, daga baya a biyo da na littattafai, na jarrabawa, na darasin bayan tashi, na walimar ƙarshen shekara. Ki tambayi iyaye biyu ko uku da suka koma, cikin mutunci. Ga kuma kuɗin Islamiyyar yamma da na Keke Marwa da mutanenmu ke biya daban. Idan kika haɗa boko da Alƙur'ani wuri ɗaya har la'asar, a takarda ɗaya da ba a ƙara ko sisi a tsakiyar zango, tazarar 20,000 tana iya raguwa sosai. Ki rubuta jimillarki dalla-dalla ki ba iyaye, ba tare da ambaton makarantar kowa ba.

Sannan ki duba yadda ake biya. Mai sayar da tumatir a Mile 12 ko ɗan tireda kullum kuɗi ke shigo masa, amma dunƙule 60,000 a makon farko yana masa nauyi. Ki raba gida uku, 20,000 kowane wata, da ranakun biya a rubuce. Rangwame kuwa ki tsayar da shi kan yaro na uku daga gida ɗaya.

Alkawarinki ya zama wanda ido ke gani: aji ba ya wuce yara 25, yaro ya karanta wa ubansa shafi a ranar karɓar sakamako. In kina da takardar amincewar gwamnatin Legas, ki rataye ta a ofis.

Wasu iyayen da gaske ba su da hali. Ki sallame su da fara'a, ki ba su takardun yaransu ba ja-in-ja. In kuma masu hali ne ke tafiya, matsalar tana cikin aji, sai ki shiga ki zauna ki ga yadda ake koyarwa.