Kuɗin makarantar yaro: daga riba zai fito ko daga uwar kuɗi?

Tambaya: "Malam, ina da shagon kayan masarufi a Kurna, Kano. Jarina ya kai naira miliyan 1.2, ribar wata kusan dubu 90, cefane da haya suna cin dubu 70. Babban ɗana zai shiga aji ɗaya, ƙannensa biyu na tafe. Mai ɗakina ta nace sai makarantar kuɗi, dubu 45 a zango. In sa shi, ko in kai shi ta gwamnati?"

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya raya mana su. Ɗauko biro mu zauna, domin dubu 45 ɗin nan bakin ƙofa ne kawai.

Zango uku ne a shekara, dubu 135 ke nan. Littattafai da yunifom da kayan wasanni, waɗanda galibi a makarantar za a ce ka saya, mu ƙaddara dubu 40. In ba a ƙafa zai je ba, mu sa kuɗin adaidaita sahu naira 400 a rana, kwana 190, dubu 76. Jimilla dubu 251, wato kusan dubu 21 duk wata, ban ma sa kuɗin tara da na bikin ƙarshen shekara ba. Kai kuwa rarar da ke hannunka dubu 20 ce. Yaro ɗaya ya shanye ta kaf, babu na asibiti, babu na Sallah, kuma nan da shekara biyu ƙaninsa zai zo bakin layi. Ba za ka iya sa wa a makarantar kuɗi ka kai ƙani ta gwamnati ba tare da an ji jiki a cikin gida ba.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne ranar da za a dawo hutu, a turo takarda, aljihu babu. Hannu zai tafi akwatin shago, ka ce aro ne. A lissafinka, kowace naira dubu 100 ta jari tana haifa maka 7,500 a wata. Ka zare dubu 45, ribar wata ta ragu da kusan 3,400, kuma haka za ta zauna har sai kuɗin sun koma, ga wani zangon na tafe kafin su koma. Za ka gane an fara cin uwar kuɗi tun kafin littafi ya nuna maka: da katan biyar na taliya kake sarowa a kasuwar Singa, yanzu uku, mai saye ya tambayi madara ka ce "ta ƙare, sai gobe", dila ya fara kiranka kan bashin makon jiya. Na ga shaguna sun bushe ta wannan hanya, daga baya a koro yaron ana tsakiyar jarrabawa, a riƙe sakamakonsa sai an biya. Wannan kunyar tana zama a zuciyar yaro.

Shawarata, a wannan ƙarfin naka, ka kai shi ta gwamnati, amma kada ka kai shi ka juya baya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Matsalar makarantar gwamnati cunkoso ce da rashin mai bibiya, kuma damuwar maiɗakinka ke nan, gaskiyarta ne. Sai dai makarantun ba ɗaya suke ba. Ka rufe shago awa ɗaya ranar Talata da hantsi, ku je tare da ita makarantu biyu ko uku na kusa. Ku leƙa aji: malami yana ciki? Yara nawa ne a benci? Karɓi littafin wani ɗan aji uku ka duba yaushe aka yi masa maki na ƙarshe. Haka za ku yi wa ta kuɗin ma, don wata gida ce mai ɗaki huɗu aka shafa wa fenti.

Daga rarar dubu 20, ware kamar dubu 7 ga malamin lesin mai koyar da yara kaɗan da yamma, a lokacin da bai ci karo da Islamiyya ba. Duk ƙarshen zango ka gwada shi da kanka a shago: ya karanta rubutun jikin kwali, ya lissafa canjin naira 500. Dubu 8 kuma ka zuba a adashe ko asusun da ba ka taɓawa. A shekara shida dubu 576 ne, ko da yake tsadar kaya za ta rage musu ƙarfi. Za su yi maka rana lokacin jarrabawar NECO ta shiga kwalejojin tarayya, ko bayan aji uku na ƙaramar sakandare in zai nemi makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu.

Ranar da ka ga kuɗin shekara na yaran uku bai wuce rabin rararka ta shekara ba, kuma kana da na zango biyu a ajiye, ka mayar da su ta kuɗi, a farkon shekarar karatu.