Baba yana ta ramewa

"Babanmu a Argungu ya haura shekara 70, wandunansa sun fara yi masa yawa. 'Yan'uwa na cewa tsufa ne kawai. Haka ne?"

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku bar shi a kan tsufa. Abin da ke zubewa a jikin dattijo yawanci tsoka ce, ita ke riƙe shi idan zai tashi daga tabarma ko ya durƙusa alwala. In ta tafi sai faɗuwa ta biyo baya, ƙashin ƙugu ya karye, ciwo kaɗan kuma ya kwantar da shi ya daɗe bai warke ba.

Ku ɗora shi a sikeli yau, ku rubuta. Likitoci na damuwa idan mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa 12. Mai kilo 60 ke nan ya koma 57, ido ba zai gane ba ƙarƙashin babbar riga.

Sannan wani ya zauna da shi lokacin cin abinci. Da yawa ana kai musu tuwo ɗaki, jikoki su cinye, a ɗauko kwano babu komai a ce ya ci. Ku duba haƙoransa, ko tauna nama ta gagare shi. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana: kunun gyaɗa, fura da nono, alale, ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya.

Kada ku sayo masa maganin ƙiba a kemis, wasu na tayar da suga. Ku kai shi asibiti a auna suga da jini, ku tafi da duk magungunan da yake sha. Idan akwai tarin da ya wuce mako 2, zufar dare, yawan fitsari da ƙishirwa, baƙin bayan gida ko abinci na maƙale masa, ku je cikin makon nan. Gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati.