Saura sati biyu in fito da humrata, in sayi mabiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa humra a nan Damagaram, saura sati biyu in fito da sabon haɗi, kwalba 60 na zuba kuma duk jarina yana ciki. Mabiyana a Instagram 400 ne kawai. Wani yaro ya ce in ba shi jikka goma ya ƙaro mini dubu biyar, ya kuma ba ni hashtag talatin masu sa abu ya yaɗu. Wallahi tsoro nake ranar ta zo ba wanda ya sani.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kwalba 60 ba ta buƙatar mutum dubu biyar, mutum 60 take buƙata, kuma mafi yawansu lambarsu tana cikin wayarki yanzu haka.

Jikka goman nan ki riƙe abinki. Kusan kullum sai an kawo mini konti da aka kashe ta wannan hanya kuma abin yana ci mini rai, don yaran nan sun san abin da suke sayarwa. Mabiyan da zai zubo miki kontocin bogi ne daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunan humra ba. Idan kika sa bidiyo, Instagram yana duba yadda waɗanda suka fara gani suka yi da shi, sun tsaya sun kalla? sun tura wa wani? In sun yi sai ya ƙara watsa shi. To yanzu mutanenki 400 na gaske sun nutse cikin dubu biyar da ba sa kallo ba sa magana, sai na'ura ta ɗauka kayanki ba ya burge kowa ta rage nuna shi, har ƙawarki ta Garin Malam da ke jira ta daina ganinki, kuma a daidai satin da kike buƙatarta. Gane irin wannan konti ba wuya, mabiya dubbai amma hoto ba ya wuce sharhi biyu, in kika shiga alƙaluman konti kika duba garuruwan mabiya ba Zinder ba Maraɗi ba Yamai. Mafi muni shi ne wanda zai ce ki ba shi kalmar sirri, ko ki turo masa lambobi shida da suka shigo miki ta saƙo wai zai haɗa aikin. Da lambobin nan ake ƙwace konti, ya koma yana karɓar kuɗin komand daga kwastomominki da sunanki. Ko ɗan gidanku ne kada ki bayar.

Hashtag talatin ɗin ma haka, #viral da #fyp duniya ce gaba ɗaya ke zuba kaya a ciki, naki ya ɓace nan take. Uku zuwa biyar sun isa: naki na kanki guda ɗaya da ba ya canzawa tsawon kwana 14, misali #KamshinBirni, sai na kaya #humra da #turarenwuta, sai na gari #Zinder da #Damagaram. Ki fara bincika naki ki ga ba wata mai amfani da shi. Ki rubuta shi da k mara ƙugiya don haka mutane ke bugawa a waya, kuma ban da tazara ko alamar ' a ciki, nan take yake yankewa. A status na WhatsApp kuwa hashtag ba ya kai ki ko'ina.

Kwana biyar na farko ki nuna aiki kawai, hannunki yana jiƙa haɗi, kwalabe a jere ba a manna musu suna ba, gajeren bidiyo saboda megan mutane. Amma ki faɗa fili humra ce, ɓoye-ɓoyen “wani abu na tafe” na manyan kamfanoni ne da aka riga aka sani. Saura kwana tara ki fito da suna da kwalba, ki ba mata uku ko huɗu su gwada su faɗi nasu da muryarsu, da izininsu kafin ki sa. Saura sati ki faɗi rana, daga nan kowane rubutu ya ƙare da abu ɗaya: mai so ta turo “ina so” a WhatsApp ki rubuta sunanta a littafi. Kwana ukun ƙarshe sai farashi da wurin karɓa da adadin da ya rage na gaskiya. Bayan isha'i ki riƙa sawa, sau ɗaya a rana.

Status awa 24 yake yi, kuma sai wadda kuka adana lambar juna ke gani, saboda haka tun yau ki bi matan biki da na islamiyya ki ce su adana taki.

Sunayen da ke littafinki su za ki riƙa ƙirgawa. In saura kwana huɗu kina da suna 40, kin yi kyau, duk da wasu za su janye. In 10 ne, kada ki ƙara hashtag, ki kira biyar cikin masu kallon status ɗinki kullum ba su yi magana ba ki tambaye su me ya tsayar da su, sau da yawa farashin ne ba su ji ba suna jin nauyin tambaya, sai ki fito da shi a ranar.